Sunan da Gwaggo Ba Ta Kamawa

Wani gidan rediyo a Funtua ya ba ni minti uku in koya wa sababbin shiga tura kuɗi ta waya. In ya yi kyau, shirin ya zama nawa. Na rubuta, na ɗauko gwaggona mu gwada a gaban manajan gidan rediyon.

Ta sa lambar asusu, ta zaɓi banki. Na ce, "Gwaggo, kafin lambar sirri, karanta sunan da ya fito, mu tabbatar."

Ta kau da kai. Asusun Awaisu ne, ɗanta na fari.

"Ni zan kama sunansa? A rediyo?"

Lallashi ya cinye minti biyu. Na haƙura na ce, "To, shi ne?"

"Da ba shi ba ne, ai da na karanta."

Manaja ya ce bayani ya fita sarai. Gwaggo aka ba shirin, ni nake kai ta a babur.