Rigar da Ta Narke a Hannun Mansura

Ranar da tartsatsi ya faɗa wa Mansura a hannun riga, Baba Hajaratu tana tsaye a bakin kaskon da ke kusa da nata, don haka babu mai ba ta labari. Shekara goma sha ɗaya tana suyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gidan man gyaɗa na Alhaji Salihu da ke Ƙanƙara, ta ga tartsatsi ya fi a ƙirga. Ya faɗa wa zane, a kakkaɓe, ya bar ɗan rami, a ci gaba da aiki. Wannan karon kuwa hannun rigar ya kama, ya naɗe kamar leda, ya manne wa yarinyar a fata daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Da aka zuba ruwa wutar ta mutu, rigar ta ƙi rabuwa da jiki. Sai a asibiti aka ɓamɓare ta, ta taho da fata.

Mansura ɗiyar ƙanenta ce, wadda ta baro ƙauyensu na wajen Sabuwa da 'ya'ya uku bayan ɓarayin daji sun tashi garin. Aikin nan shi ne tuwonsu. Da ta warke ta dawo, ta ce ko za a yanka ta ba za ta sake sa shuɗiyar rigar aikin da aka raba musu ba. Mas'udu, manajan gidan, ya aiko daga ofis cewa dokar Alhaji ce, babu yunifom babu aiki, kuma ma sakacinta ne ya ja mata. Ya ba ta zuwa Juma'a: ko ta sa, ko a ɗauki wata.

Kalmar sakacin nan ita ta tsaya wa Baba Hajaratu a rai. Mutumin da bai taɓa juya gyaɗa a kasko ba, shi ne ya san sakaci.

Dama tun da aka raba sababbin rigunan bayan ƙaramar salla hankalinta bai kwanta da su ba. Gumi ba ya shiga yadin, sai dai ya bi bayan mutum yana gangarowa har ƙugu. Kafin azahar rigar ta manne a jiki, ƙurajen zafi sun feso wa mata a wuya da hammata. Mai kuwa idan ya ɗiga a kai, ko sabulu nawa aka sa sai ya bar tabo, ga wani ƙarni da ba ya fita. Tsofaffin rigunansu na auduga ba haka suke ba. Ta tabbatar wa kanta cewa Alhaji ya ce a sayo yadi mai kyau, wani ya musanya a hanya ya jefo wa mata na banza, don ya san mata ba su iya karanta abin da ke jikin bandir. Ko Mas'udu ne, ko Gide tela na Sheme da ya ɗinka, ko su biyun sun haɗa baki. An ce ma Gide ɗan ƙanwar uwar Mas'udu ne, wannan kaɗai ya ishe ta.

Ranar Talata ta naɗe ragowar rigar Mansura a cikin leda. A ƙofar gidan man ta tarar da rigar aikin wani ɗan dako an shanya a kan buhuna, ita ma shuɗiya, ta ɗauke ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ta shiga motar Sheme, tana zaune a takure tsakanin buhun barkono da wata mai goyo, kowane rami motar ta faɗa sai ta ƙara shirya maganar da za ta gaya masa.

Ta sami Gide a shagonsa na bakin titi yana yanka. Ya miƙe ya gaishe ta, ya jawo mata benci, ya aika a kawo ruwa. Yawan ladabin nan ma bai yi mata daɗi ba. Ta zazzage rigar a kan teburinsa, gefen da ya ƙone ya ƙandare baƙi ƙirin.

"Malam Gide, mi ka ɗinka muna?"

Ya ce abin da aka kawo masa shi ya ɗinka. Ya jawo ragowar bandir daga ƙarƙashin tebur, ya nuna mata rubutun da ke gefe: kashi sittin da biyar zaren roba, wanda suke kira foliyesta, talatin da biyar auduga. Ya ce yadi ne mai ƙwari, ba ya koɗewa da wuri, ba ya tsukewa in an wanke, ba ya neman guga.

"Ni ban yi boko ba," in ji ta. "Ko ka ce mani sunan ubana aka rubuta nan, sai dai in ce to. Kawo ashana."

Ya dube ta, ya dubi yadukan mutane da ke rataye, ya ce su fita waje. A bakin kwata ta yanki ƙyalle uku da almakashinsa: ɗaya daga rigar Mansura, ɗaya daga rigar ɗan dako, ɗaya daga bakin tsohon zanenta. Ba ta yarda ya taɓa ko ɗaya ba. Ta tsire na zanenta a tsinke ta kunna. Ya ci da warin takarda, ya bar toka mai laushi da ta murje a yatsa ta bi iska. Ta kunna na Mansura. Baƙin hayaƙi ya tashi da warin roba, bakin ƙyallen ya naɗe yana ɗiga, da ya huce ya bar ƙwallo mai tauri da farce ba ya fasawa. Ta ɗago ta kalli Gide, ta riga ta ga ɓarawonta. Sannan ta kunna na ɗan dako, tana jiran ta ga toka.

Hayaƙi iri ɗaya, ƙwallo iri ɗaya.

Ta sake yanka daga bayan rigar, ko an yi dabara an sa yadi biyu. Haka dai. Ta yanka daga bandir ɗin, shi ma haka. Babu wanda ya musanya komai. Wannan ya fi ɓata mata rai, don ta zo da faɗan da ta shirya tun daga Ƙanƙara ga shi babu inda za ta sauke shi.

Gide ya tsuguna kusa da ita ya ba ta labarin yadda aka yi. Bara 'yan dakon Alhaji, masu loda buhuna a Sabuwa da Faskari, sun kai kuka cewa rigar auduga wata uku take yi kafaɗa ta yage, rana kuma ta cinye launin. Mas'udu ya kawo samfur uku, aka ɗinka riga uku, aka ba 'yan dako suka yi wata guda da su. Wannan ce ta fito ba ko ɓuli. Alhaji ya ce a yi wa kowa da ita, a zama iri ɗaya kamar anko. Awon mata ma da tsohuwar riga aka aiko masa.

Ta tambaye shi ko an gaya masa wane aiki matan suke yi. Ya ce an ce masa mata ne masu aikin gyaɗa, shi ya ɗauka tsinta suke yi.

"Da na san bakin wuta kuke, Baba, da na yi magana. Kusa da wuta sai auduga zalla mai kauri. Ita ma tana ci, kada ki ce na ce ba ta ci, amma ba ta narkewa a jiki, kuma tana shan gumi. Sai dai shekara ba ta yi, dole a ɗinka sau biyu."

"Da ka yi magana," ta ce. "Kowa da ya yi magana. Ɗiyata ce dai babu fata."

A mota tana dawowa ta gane inda abin ya faro. Farfajiyar suya wurin mata ne. Saboda zafi suke tuɓe hijabi su yi aiki, shi ya sa tun farko aka sa doka namiji ba ya wuce labulen buhu da ke ƙofa. Ita da kanta ta sha korar Mas'udu daga bakin labulen nan. Ashe duk waɗanda suka zaɓi yadin, babu wanda ya taɓa ganin kaskon da idonsa. Amma ba ta wanke su ba. Wanda bai gani ba ai yana da bakin tambaya.

Ranar Alhamis da rana tsaka, lokacin da kasko shida ke kan wuta, ta tare Alhaji Salihu yana fitowa daga mota, Mas'udu na biye da shi. Ta riga ta sa mata duka sun mayar da hijabansu. Ta miƙa masa sabuwar shuɗiyar riga, ta ce ya sa ya shigo ciki. Mas'udu ya fara cewa ai ba a yi wa Alhaji haka, ta ce da shi akwai tasa ma in yana so.

Alhaji ya yi dariya, ya ce Baba Hajaratu da rigima. Ya ga ba ta yi dariya ba, ga 'yan dako sun tsaya suna kallo. Ya tuɓe babbar riga ya ba Mas'udu, ya zura shuɗiyar, ya ɗaga labule. Ta kai shi kaskon Mansura, ta ba shi muciya, ta ce ya juya kada gyaɗar ta ƙone.

Bai yi rubu'in awa ba. Gumi ya jiƙa masa gemu, rigar ta manne a baya, yana ta jan wuyanta yana hura iska. Itace ya fashe, tartsatsi ya tashi, ya yi baya da sauri har ya taka faranti. A nan ta kira Mansura ta janye hijabi daga hannun, ta nuna masa. Ta ɗora masa baƙin ƙwallon nan a tafin hannu, ta ce ga irin abin da aka ɓamɓaro daga hannun.

Ya daɗe yana juya shi. Ya ce Mas'udu bai gaya masa abin ya kai haka ba. Daga bayan labule Mas'udu ya ce ai ya faɗa. Ita ba ta yarda da ko ɗayansu ba.

Alhaji ya ce 'yan dako su ci gaba da tasu, matan wuta a yi musu ta auduga, kafin a ɗinko kowacce ta sa tsohuwar rigarta. Mansura ta koma kaskonta yau. Ya juya zai fita, Baba Hajaratu ta tsaya a gabansa.

"Saura ɗaya, Alhaji. An ce sakacinta ne, kuma kowa nan ya ji. A faɗi gaskiya inda aka ji ƙarya."

Ya goge fuska da hannun rigar, bai ɗauke gumin ba, sai dai ya shafe shi. Ya dubi matan, ya ce ba sakacin Mansura ba ne, yadin ne, kuma shi ya ce a saye shi. Ya faɗa a hankali. Ta ce na kaskon ƙarshe ba su ji ba. Ya maimaita.

Da ya fita, Mansura ta karɓi muciyar da hannun hagu, don na daman bai gama miƙewa ba. Gyaɗar da Alhaji ya juya ta ƙone a gefe ɗaya, suka kwashe ta suka zuba sabuwa.