Mintunan da Gimbiya Ta Yanke

A gidan rediyon, Gimbiya ake ce mata, saboda muryarta. In ta zauna gaban makirufo ta fara shirinta na sharhin al'amuran yau da kullum, har injiniyan da ke bayan gilashi yakan daina latsa waya. Jimlolinta dogaye ne masu daɗi, kuma ba ta taɓa faɗin abu sau biyu ba. A wurinta maimaici alama ce ta wanda zance ya ƙare wa.

Ita ce ta laƙaba wa mai shirin kiwon lafiya sunan Aku. Mutum ne gajere mai shaƙaƙƙiyar murya, wanda ya zo gidan shekaru bayanta. Kullum haka yake farawa: "Abu uku za mu tattauna yau." Sai ya jero su. In ya gama ɗaya ya ce, "To, mun gama na farko, ga na biyu." Ana tsaka da hira sai ya tsaya: "Ga wanda ya kunna rediyonsa yanzu, muna magana ne a kan kaza." A ƙarshe ya sake jero ukun, ya karanta lambar waya a hankali, ya sake karantawa. Sunan ya bi shi, shi kuwa ko a jikinsa, har amsawa yake yi.

Abin da ya fi ci mata rai ba a ofis yake ba, a gidansu yake. Babanta tsohon tela ne, ciwon sukari ya cinye masa gani, rediyo ce abokiyar zamansa a kan tabarma kusa da tsohon kekensa na ɗinki. In ta leƙo da yamma ta tambaye shi ko ya ji shirinta, sai ya ce, "Na ji, Allah ya yi albarka. Murya kamar ta marigayiya mahaifiyarki."

"Me na ce, Baba?"

Sai ya yi dariya ya shafa gemu. "Kin yi magana mai yawa dai, mai daɗi."

Amma da an ambaci Aku, sai ya ɗaga yatsu ya lissafo abin da aka faɗa tun makon jiya, ɗaya bayan ɗaya, har da lambar waya. "Yaron nan," in ji shi, "kamar ya riƙe hannunka yana tsallakar da kai titi."

Ita da ta riƙe hannunsa a zahiri zuwa asibiti, ba a taɓa yi mata wannan kirari ba.

Wata safiya matar Aku ta haihu, ya tafi asibiti a gaggauce, ya bar shirin da ya riga ya naɗa da wata likita a kan kula da ƙafar masu ciwon sukari. Shugabar sashen shirye-shirye ta kira Gimbiya ta ce wani talla ya shigo, a rage shirin ya shiga lokacinsa.

Ta zauna a ɗakin tace sauti, ta sa abin ji a kunne. Akwai wurin ragewa a fili: doguwar gaisuwar likita, da kiɗan tsakiya, da wani labari da ba shi da alaƙa da zancen. Ta gan su sarai. Amma hannunta ya wuce su ya nufi muryar Aku. Ta cire jerin abubuwan da yake buɗe shiri da shi. Ta cire "ga wanda ya kunna yanzu". Ta cire inda ya ce, "Mun gama abubuwan da ake yi. Yanzu ku saurara da kyau, likita za ta lissafo abubuwan da ba a yi." Bayan lissafin ya sake cewa, "Waɗannan duka, kada a yi su." Shi ma ta cire. Ta saurari abin da ya rage, ya tafi sumul kamar nata shirin. Ta ce a ranta, yau za a ji ko akwai wani abu a cikinsa ban da surutu.

Shirin ya fita da hantsi. Tun bai ƙare ba wayar ɗakin watsa shirye-shirye ta fara ƙara. Injiniya ya leƙo ya ce, "Gimbiya, mutane na tambaya, ruwan zafin nan, yaya zafinsa zai kasance?"

"Wane ruwan zafi?"

Tana faɗa ta tuna. Likitar ta ce a duba ƙafa kullum, a wanke, a tsane tsakanin yatsu. Sannan, da muryar nan tata ɗaya ba hawa ba sauka, ta ci gaba: "Jiƙa ƙafa a ruwan zafi, yanke kantar ƙafa da reza, yawo ba takalmi." Abin da ya raba jerin biyu maganar Aku ce kawai, ita ce kuma Gimbiya ta yanke. Mai karatu zai iya komawa sama ya duba. Mai sauraro ba shi da inda zai koma.

Ta ce wa injiniya ya sa mai labarai ya yi gyara nan take, ta kira ƙanwarta da ke zaune tare da Baba ba a ɗauka ba, ta fita ta tare babur.

Ta tarar da Baba zaune a bakin tabarma ya naɗe wando, rediyon a kashe, ƙanwarta tana fitowa daga kicin da robar ruwa mai tururi.

"Ajiye ruwan nan!"

"Yaya, shi ya ce in dafa. Wai a rediyo aka faɗa."

Gimbiya ta tsoma yatsa ta fizge. Ƙafar Baba ta daɗe ba ta jin zafi sosai, da ya ƙone bai sani ba.

"Ni ma na yi mamaki," in ji Baba. "Amma na ce yaron nan ba ya ɓatar da mutum. Yau dai ban gane kansa ba. Ban san inda aka fara ba, ban san inda aka tsaya ba. Ko ba shi da lafiya ne?"

Ko a nan ma uzuri yake nema masa. Ta ɗauki robar da kanta ta zubar a makwarara.

Shugabar sashe ba ta yi dogon zance ba. Ta buɗe shirin na asali da wanda aka tace, ta nuna gaisuwar likita da ke nan daram, ta ce, "Wannan kika bari, wancan kika cire?" Aka maimaita shirin cikakke da yamma, aka hana Gimbiya taɓa aikin kowa.

Aku ya dawo da dabino a leda yana raba wa mutane. Ya ajiye mata nata a kan tebur, ya ce, "Ai laifina ne, kamata ya yi in sa likitar ta riƙa cewa 'kada' a kan kowanne. Jeri irin wannan bai kamata ya dogara da jimla ɗaya ba." Da ya yi mata faɗa, da ta fi jin sauƙi.

A shirinta na gaba ta daɗe tana kallon takardarta kafin jar fitilar fara shiri ta kama. Sannan ta ce, "Tambayoyi biyu za mu duba yau," ta faɗe su. Bakinta ya yi mata nauyi, amma a tsakiya ta tsaya ta tuna wa masu sauraro inda ake, a ƙarshe ta sake tattaro zancen. Injiniya ya sunkuyar da kai yana murmushi, ta yi kamar ba ta gani ba.

Da yamma Baba bai jira ta tambaya ba. Ya faɗa mata tambayoyin biyu, har ya yi gardama a kan ta biyun, ya ce ba ta yi wa 'yan haya adalci ba. Suka yi ta ja-in-ja har shayinsa ya huce. Daɗi ya cika ta, ta kasa ɓoyewa.

Tana sa takalmi ya ce, "Af, na ji an yi wa abokin aikinki haihuwa. Ki kawo min shi wata rana in sa masa albarka."

"Aiki ya yi masa yawa, Baba," ta ce, ta ja ƙofa.