Hannun Alaramma

Alaramma Abdulkahar na Aujara ya faɗi ne a bakin famfon masallaci, da safe, bayan an kwana ana ruwa. Santsi ya kwashe shi, ya kai hannun dama ya dafe ƙasa da tafinsa, nauyin jikinsa duka ya sauka a kan wuyan hannun. Ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce ba komai. Da ma shi duk abin da ya same shi ba komai ne.

To amma hannun ba na banza ba ne. Da shi yake rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin kara, kuma wanda ke gabansa yanzu ya wuce izu arba'in. Da ya zauna da hantsi zai ci gaba, alƙalamin ya ƙi tsayuwa a yatsunsa. Maƙwabcinsa Barau, manomi, mutumin da bai taɓa rasa shawara a kan kowace irin cuta ba, ya duba ya ce targaɗe ne, a kira mai ɗori ya ja shi, zuwa jibi ya warke. Uwargidan Alaramma ce ta ƙi. Ta ce ga 'yar gida likita a Dutse, ba za a ja hannun kowa ba sai ta gani. Haka Barau ya rako shi a mota, yana mita tun daga tasha.

'Yar gidan ita ce Ruwaida, 'yar ƙaninsa. A zaurensa ta yi karatun allo, kuma yanzu tana aiki a sashen taimakon gaggawa na wani asibiti a Dutse. Mace ce mai saurin magana da saurin hannu, ba ta cika jan zance da marar lafiya ba. Amma da ta ga wanda ya shigo sai ta miƙe, ta rusuna ta gaishe shi kamar a zaure. Ta kalli hannun, ta ga kumburin kaɗan ne, bai karkace ba, yatsu suna motsi, jini yana zuwa. Ta tura shi ɗakin hoto, ta ce wa Musaddiq mai ɗaukar hoto, ban da na gaba da na gefe, ya ƙara mata na ƙashin gindin babban yatsa, wanda ake karkatar da hannu wajen ɗan ƙaramin yatsa don ƙashin ya miƙe ya fito sosai.

Da hotunan suka zo ta kafa su a jikin fitila. Tana da tsarin da ba ta saɓa masa, ko da layi ya kai bakin ƙofa. Ta fara tabbatar da sunan da ke jiki, da cewa hannun dama ne. Sannan ta bi gefen babban cikin ƙasusuwa biyu na sangalin hannu da ido, daga sama har inda ya faɗaɗa ya tallafi wuyan hannu, domin a nan tsofaffi suka fi karyewa idan sun dafe ƙasa. Gefen sumul yake, babu tudu babu tsaga. Tsinin da ke ɓangaren babban yatsa ya ɗara kan ɗaya ƙashin tsawo yadda ya kamata. A hoton gefe, fuskar ƙashin ta ɗan sunkuya wajen tafi, ba ta kife baya ba. Nan lafiya.

Ta koma kan ƙananan ƙasusuwan nan takwas da ke jere sahu biyu. Ta bi layuka uku masu lanƙwasa da gefunansu ke zanawa, ba wanda ya tsinke ko ya yi tsalle. Tazarar da ke tsakaninsu daidai take ko'ina, ba inda ta buɗe kamar wushirya, wanda da ya nuna jijiyar da ke ɗaure su ta yage. A hoton gefe kuma ƙashin sangali, da ɗan ƙashin nan mai kama da jinjirin wata, da wanda ke zaune a cikinsa, duk suna kan layi guda, kamar ƙwarya a kan gammo. Ba abin da ya goce.

Saura guda ɗaya, shi ne wanda take jin tsoro. Likitoci suna ce masa sikafoyid. Ɗan ƙashi ne mai siffar kwalekwale a gindin babban yatsa, siriri a ƙugu. Ta matso da fuskarta, ta bi shi daga kai zuwa gindi a kowane hoto, ta sake bi. Fes yake.

Barau, da ya tsaya a bayanta yana leƙe kamar ya san abin da ake nema, ya tambaya ko an ga karaya. Ta ce a hoto dai ba ta gani ba. Ai kuwa sai ya washe baki, ya ce shi tun a gida ya faɗa, an dai sa su asarar yini, yanzu sai su kama hanya tun kafin la'asar mai ɗori ya yi aikinsa. Alaramma ma ya fara laluben sandarsa.

Ruwaida ba ta saki ba. Ta san halin ƙashin nan sarai: yakan tsage ranar farko hoto bai nuna ba, sai bayan kwanaki, idan bakin tsagar ya ɗan zaizaye, sannan layin ya bayyana. Kuma jini ta ƙarshensa na wajen yatsu yake shiga ya koma baya, don haka idan ƙugun ya tsage aka yi ta ja ana murzawa, ɓangaren da ke can ciki yana iya rasa jini ya mutu. Daga nan sai ciwo da sandarewa na shekaru, alƙalami kuwa sai dai a kalle shi. Abin da zai raba gardama yau ba hoto ba ne, yatsanta ne, da gaskiyar marar lafiya.

A nan gizo ke saƙar. Ta kama hannun, ta ɗaga babban yatsan har ɗan ramin da ke gindinsa ya fito, ta danna.

"Baffa, da zafi a nan?"

"Alhamdu lillahi," in ji shi.

Ta danna ta wajen tafi, a tudun gindin yatsan. Alhamdu lillahi. Ta kama yatsan ta tura shi ciki a hankali. Fuskarsa ko gezau, har da ɗan murmushi. Haushi ya kama ta, wallahi, haushi sosai, domin ta san ba ƙarya yake nufi ba. Dattijo ne, malami, ga maƙwabci a tsaye, ga yarinyar da ya koya wa bambance baƙi da wasali. Ina zai buɗe baki ya ce mata wash? A wajensu raki abin kunya ne, a gaban 'ya kuwa ya fi muni. Da wani likitan ne, da ya rubuta cewa babu zafi, hoto lafiya, ya ba shi maganin ciwo ya sallame shi, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Sai ta daina kallon fuskar. Tun tana ƙarama ta san wani abu da yaran zaure duka suka sani: ranar da haƙori ke damun Alaramma ba ya faɗa, amma babban yatsan ƙafarsa yakan naɗe ya ƙanƙame buzu, ranar kowa yakan shiga taitayinsa. Ta sunkuyar da kai kamar mai tunani, ta danna can gefe inda ba ta zargin komai. Ƙafar tana kwance a kan silifa. Ta dawo cikin ramin ta danna. Yatsan ƙafar ya naɗe, har silifan ya lanƙwashe. Ta saki, ya miƙe. Ta sake, ya sake.

Ba ta tona shi ba. Ta ce kawai akwai ƙashin da hoto ba ya faɗin gaskiyarsa da wuri, za ta ɗaure hannun da rabin simintin ɗori na asibiti, ya dawo bayan mako biyu a sake ɗauka. Kada a ja, kada a murza, kada a kwance, kada a riƙe alƙalami. Barau ya ce yau ga ikon Allah, hoto ya ce lafiya, mai hannu ya ce lafiya, amma a ɗaure mutum. Ya kawo maganar alwala. Alaramma ya ce wannan ba matsala ba ce, shafa ake yi a kan ɗauri. Abin da ya dame shi rubutun ne, domin ya so ya kammala kafin azumi.

"Baffa," ta ce, "in na yi kuskure, mako biyu na ci maka. In kuwa na sake ka kuma ashe ya tsage, wannan izun da ka tsaya a kai, a nan za ka tsaya."

Ya dube ta, sannan ya miƙa hannun.

Mako biyun nan Ruwaida ba ta yi shakkar abin da ta yi ba, amma ta yi fargabar Barau. Labari ya zo mata ta waya cewa har gida ya kai mai ɗorin, da man shafawarsa da komai. Alaramma ya sa aka kawo masa fura, suka yi hira, ya yi masa addu'a, ya sallame shi hannu na nan a ɗaure.

Ranar da suka dawo, Musaddiq ya cire simintin ya sake ɗaukar hotunan. Ta kafa sabon kusa da tsohon. Duk da idonta na son ya ruga can, sai da ta bi tsarinta: ƙashin sangali lafiya, layukan uku lafiya, tazara ba ta buɗe ba, jerin gefe yana nan daidai. Sannan ta sauka kan ɗan kwalekwalen. Ga shi nan. Siririn baƙin layi ya ratsa ƙugun daga gefe zuwa gefe. Ɓangarorin biyu suna manne, ko kaɗan ba su goce ba, irin wanda siminti kan haɗa ba sai an yi aiki ba. Daɗi ya kama ta har sai da ta dafa tebur.

Barau ya leƙa ya ce shi bai ga komai ba. Alaramma ya sa tabarau, ya matso. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana duban layin da bai kai kaurin gashi ba, bai sha wuya ba da ta nuna masa wurin da bakin biro. Ya kalli tsohon hoton, ya kalli sabon, ya ce lallai wannan babu shi a wancan. Ta yi masa bayani cewa yanzu cikakken siminti za a sa, aƙalla mako shida, wataƙila ya fi, sai hoto ya nuna ya haɗe. Azumi zai zo ya same shi bai kammala ba, amma tana da kyakkyawan zaton zai kammala da hannunsa. Bai yi musu ba. Barau ya fita wai zai sayo ruwa, an dai san kunya ce ta fitar da shi.

Da suka rage su biyu, tana naɗa masa auduga, Alaramma ya yi gyaran murya.

"Ranar nan da kika danna," ya ce, "na ji shi har cikin kaina."

"Na sani, Baffa."

"Ta yaya?"

Idonta ya sauka ƙasa. Ya bi inda ta kalla, ya ga ƙafarsa a kan silifa. Sai ya ja ta a hankali ya ɓoye a ƙarƙashin babbar riga, kafaɗunsa suna rawa da dariyar da yake ƙoƙarin dannewa.

"To danna kuma," ya ce. "Yau da baki zan faɗa miki."