Hannun da Babu Wanda Ya Taɓa Bugawa

Tabitha ta kama hanya tun daga Muchia har Samaru. Bara injin markaɗe ya cinye yatsun 'yarta Christabel. Jiya kuma, da bakinta da ba ya riƙe magana, ta nuna wa yarinyar hoton wani hannun roba a waya, ta ce za a yi mata irinsa. Kafin magariba duk yaran layi sun ji.

Usaid, mai injin da ke buga abubuwa da roba, ya buɗe shafin intanet ɗin da hoton yake a kwamfutarsa.

"Malam Usaid, ba kyauta ba ne? Ka sauke mana."

"Kyauta ne, Maman Christabel. Amma wannan zanen kwamfuta ne, ba hoton gaske ba." Ya miƙa mata wata ƙugiya da ya buga. "Shafa ki ji. Abin da aka buga yana da layi-layi. Wancan sumul yake."

Ya gangara inda masu bugawa ke sa hotunan nasu. Wayam. Dubban mutane sun ce yana burge su, babu ko ɗaya da ya buga. Babu bayanin girma, babu jerin kusoshi ko igiya. Can ƙasa wani ya rubuta cewa gaɓoɓin a manne suke, yatsun ba sa motsi.

Tsoro ya kama Tabitha sosai, na komawa gida ta kalli idon yarinyar.

Usaid ya nemo wani samfurin hannun. Kai, wannan mummuna ne, kamar kayan wasan da babur ya taka! Amma ga hotunan gaske birjik, ga yara sanye da shi, ga yadda ake awo, ga masu cewa wane sashe ya karye da yadda aka gyara.

"Wannan zai bugu," in ji shi. "Sai dai wuyan hannu ne ke jan igiyoyin, yatsun su damƙe. Kafin in sauke, na yarinyar yana lanƙwasuwa?"

Tabitha ba ta sani ba. Tun da aka kwance bandeji, kawar da kai take yi in tana yi wa yarinyar wanka. Riguna masu dogon hannu kuwa ta ɗinka su har tela ya gaji.

A mota addu'a kawai take yi. Ta tarar da Christabel a tsakar gida, ta durƙusa, ta naɗe mata hannun riga.

"Lanƙwasa in gani."

Ɗan dungulmin ya yi ƙasa, ya yi sama, ya sake yin ƙasa.

"Tun yaushe kika iya?"

"Tuntuni, Mama. Kullum ina yi. Ke ce ba kya kallo."