Daga Ranar Litinin

Da hannuna na rubuta sanarwar, na liƙa a ƙofar shagon da Baba ya bar mini a Arkilla: "Abokan cinikinmu, ku yi haƙuri. Sari ya tashi a kasuwa. Daga ranar Litinin za mu ƙara kashi goma sha biyar cikin ɗari a kan shinkafa, sukari da mai. Mudun shinkafa na dubu biyu zai koma dubu biyu da ɗari uku."

Ranar Laraba ce. Kawu Maccido, aminin Baba mai shago a tsallaken titi, ya tako ya karanta yana taɓe baki.

"Ihsan, mi kinka yi haka? Ciniki ba makaranta ba ne da za a faɗi ranar jarrabawa. Cire abin ga, ɗiyata."

"Kawu, ni ba zan rage mudu a ɓoye ba."

"Wa ya ce ki rage? Ki ƙara yau. Yau!"

Na ƙi. Ina da difloma, kuma tun rasuwar Baba ake jiran a ga mace ta rufe shagon nan. A ganina adalci ne mutane su shirya.

Sun kuwa shirya. Kafin Juma'a layi ya kai bakin kwata. Hajjo, maƙwabciyarmu da ba ta taɓa wuce mudu biyu ba, ta zo da Keke Napep ta ɗauki buhu uku.

"'Yar boko, Allah shi yi albarka. Ke kaɗai ke da tausayi a unguwar ga."

Har daɗi na ji. Ranar Asabar kantocin shagona sun zama wayam, jakata kuwa ta cika.

Litinin na shiga kasuwa sari. Farashi ya sake tashi a cikin makon. Kuɗin buhu goma da na sayar a tsohon farashi, har da ribar, takwas suka saya mini. Haka sukari, haka mai. Na tsaya a gaban dilan da nake sari wurinsa ina sake lissafi, shi kuma yana kallon wanda ke bayana.

Da na dawo na tarar Hajjo ta kasa shinkafata a zaurenta, mudu dubu biyu da ɗari biyu. Duk unguwa can ta koma.

Firijin Baba na sayar na cike giɓin. Ranar da aka zo ɗauka, Kawu Maccido ya tsallako ya kama musu gefe ɗaya, ya koma shagonsa. Da ma faɗa ya yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Ban rufe ba, ba kuma zan rufe ba. Kullum da safe ina ɗaga ƙofa, in jera kaya a gaba-gaba don kada a ga bangon. Da sari ya sake tashi na sake rubuta sanarwa, wannan karon "daga yau". Amma duk wanda ya shigo neman ruwan sanyi, sai in nuna masa shagon Kawu, in kau da kai daga gurbin firijin.