Firjin Uwar Biyu

Shekara da shekaru firjin kamfanin yogot yana rumfar Uwar Biyu. Ni ina sayar da tsintsiya da soso a tsakanin rumfarta da ta ƙanin mijinta, don haka babu abin da ya wuce ni. Shi ƙanin mijin Mai Agogo ake ce masa, saboda wani jibgegen agogo da yake ɗaurawa, wanda bai taɓa motsi ba. Ita ta goya shi, ita ta koya masa sana'ar bayan rasuwar yayansa.

Sai dilan kamfanin ya zo da sabuwar doka. Firji ɗaya ne a layinmu, kuma wanda ya fi ɗaukar kaya shi zai riƙe. Ya duba takardarsa ta mako goma, ya ce Mai Agogo katon ashirin-ashirin na yogot yake ɗauka a mako, Uwar Biyu sha biyar-sha biyar. Da rana tsaka aka cicciɓi firjin aka wuce da shi ta gabana. Mai Agogo bai tsaya nan ba, ya ɗauki hoton takardar ya watsa a gurup ɗin 'yan kasuwa, ya rubuta a ƙasa: "Matar yaya, a koma gida a huta, kasuwa ta masu jini a jika ce."

Uwar Biyu ta tashi ta shiga cikin kasuwa. Ta sayi kula da ƙanƙara. Kullum ruwa na bin ƙafarta, masu kantunan da suka saba saye a wurinta sun fara ƙorafi. Amma abin da ya fi cinta shi ne hoton.

"Iya," ta ce mini, "yaron nan ina kallonsa yana hamma daga safe har yamma. Ta ina ya fi ni?"

'Yarta ɗaya tana aiki a sito na wani kantin magani, lissafin kaya ne abincinta. Ranar hutunta ta zo rumfa, ta karɓi wayar, ta buɗe hoton da yatsu biyu.

"Umma, kin karanta layin ko ƙarshensa kawai kika duba?"

"Ƙarshen shi ya ɗauke mini firji."

"Ƙarshen nan matsakaici ne. A tara duka a raba daidai. Karanta nasa ɗaya-ɗaya."

Ta karanta a hankali. Tara, sha ɗaya, goma, takwas, sha biyu. Sai ta tsaya. "Ɗari da goma?" Bayan shi kuma goma, tara, sha ɗaya, goma.

Ni na tuna musu. Makon nan ne wata masana'anta ta yi taron ma'aikata, mai sayen ya zo Uwar Biyu ta tafi asibitin haƙori, ya faɗa wa Mai Agogo.

Yarinyar ta sa muka tsinto marafan kwalba. Aka yi tsibi goma, tara ƙanana, ɗaya kamar tsauni. Ta rushe tsaunin ta rarraba, kowane tsibi ya zama ashirin.

"Kin ga ashirin ɗinsa. Cire babban makon, ki raba sauran tara."

Uwar Biyu ta yi da kanta, tana motsa baki. Casa'in a raba tara. "Goma. Ni kuwa ban taɓa sauka ƙasa da sha huɗu ba."

"To sai ki kai wa dila."

"A'a," in ji ta. "Ki fara gaya mini, irin wannan sa'ar sau nawa take zuwa?"

Direban dila yana shan yogot ɗinta kyauta tun yana kwandasta. Shi ya ɗauko mata hoton sauran shafukan, mako hamsin gaba ɗaya. Babban ciniki sau ɗaya ya faɗo wa Mai Agogo. Yarinyar ta zuba marfi hamsin a jaka, ɗaya ja. Yarjejeniyar firji mako sha biyu ce, don haka a zaro sau sha biyu, ana mayarwa ana girgizawa. Wuni guda Uwar Biyu tana wannan, har mutane suka fara raɗa cewa duba ta koma. Wajen zagaye ɗaya cikin biyar jan yake fitowa.

"Ƙiyasi ne fa, Umma," in ji 'yar. "Sau ɗaya a hamsin bai isa a rantse a kansa ba. Sa'ar tana iya dawowa."

"Na ji. To mu sa a lissafi ta dawo ɗin."

Ga inda ƙullin yake. Mai firji sai ya sa hannu kan adadin da zai riƙa karɓa kowane mako, kuma ba a mayar da kaya, yogot ɗin kuwa bai wuce sati biyu. Uwar Biyu ta zauna da marafanta. In ya sa hannu a ashirin, sa'a ta dawo, zai tsira da ƙyar. In talatin ne, katon ɗari uku da sittin ke nan. Cinikinsa na yau da kullum ɗari da ashirin, a ɗora ɗarin sa'a, a ƙara ɗan abin da sanyin firji zai jawo, har yanzu da saura mai yawa.

Ranar sa hannu ta yi kwalliya ta tsallaka rumfarsa, gaban dila da rabin layi.

"Ƙanin miji, na zo taya murna. Nawa za ka ɗauka?"

"Ashirin, matar yaya."

"Ashirin? Ba firji ma ka yi ashirin. Ashe tsohuwa da kula za ta kamo ka. Ko hoton nan gyara shi aka yi?"

Ni ma na taimaka da abin da Allah ya hore mini. Na ce, ba da ƙarfi sosai ba, marigayi yayansa da arba'in zai ce.

Ya dubi agogonsa, ya ce a rubuta talatin. Dila ya rubuta.

Sati uku firji ya cika, katon ya hau kan katon har kan kujerarsa. Ya karya farashi, ya ja mata 'yan kwastoma kaɗan, suka ga kwanan wata ya kusa suka dawo. Robobi suka fara kumbura. Ƙudan layin nan kaf suka tare a wurinsa, mai turare ya kai ƙara wajen shugaban kasuwa.

A mako na bakwai kuma sai ga mutumin masana'anta, katon ɗari yake so. Na ce a raina shi ke nan. Mai Agogo har da rawa. Na leƙa Uwar Biyu, tana yankan farce.

"Na sa shi a lissafi, Iya."

Rabin abin da ya tara ya riga ya lalace, da ƙyar ya haɗa sittin. Sauran arba'in a wurinta mutumin ya cike, bayan ta kira direban dila ya ƙaro mata, ya karɓi lambar wayarta. Ranar Litinin mota ta sake sauke wa Mai Agogo talatin.

Kafin wa'adi ya cika ya shigo rumfarta, babu agogo a hannu.

"Yaya, ki karɓi ko goma-goma ne a wurina."

"Yau ni ce yaya? Jinina ya yi sanyi, ɗan nan. Sha biyar ɗina ma da ƙyar."

Da aka zo sabuntawa ya ce ko biyar ba zai sa hannu ba. Dila ya juyo wurinta. Ta ce sha biyar, kuma shi Mai Agogo zai kama gefe ɗaya na firjin. Ya kama. Sai da ta sa aka sauke aka ɗaga ta share ƙasan, sannan ta ce ai wancan lungun ya fi.

Da yamma ta ɗauki hoton sabuwar takardar dila, layin Mai Agogo talatin reras, ta tura gurup. Ta rubuta a ƙasa: "Matsakaici talatin. A taya ƙanin mijina murna."