Saura Ƙiris, Hajiya

A shekarar 2012 Hajiya Lubabatu ta karye a ƙugu. Da aka sallamo ta daga asibiti, sai ta koma kwanciya a ɗakinta da ke unguwar Nuzla, ita da ta saba yini a kasuwa tana sayar da turare.

'Yarta Zakiya a gida take aiki, tana fassara wa wani kamfanin waje wasannin waya zuwa Larabci. Lokacin tana kan wani wasa mai layi uku na hotuna masu juyawa, in rakumin zinare uku suka jeru an ci babbar kyauta. Kwabban da ake zubawa a wasan na bogi ne, amma in sun ƙare da kuɗi ake sayen wasu. Zakiya ta sa wa uwar a waya don ta rage kaɗaici.

Kafin wata ya ƙare, Hajiya ta daina gwajin tafiyar da likita ya ce ta riƙa yi. Abinci sai ya huce a gabanta. Wata rana bayan la'asar ta ƙwala wa 'yar kira.

"Zakiya, zo ki gani! Biyu sun tsaya, na ukun ya sauka a sama kaɗan. Saura ƙiris!"

Zakiya ta zauna a bakin gadon. Ta san wannan ƙiris ɗin, don a bayanin da kamfanin ya aiko mata ta karanta shi.

"Umma, kina taɓawa an riga an yanke abin da zai fito. Juyin nan nuni ne kawai. Da gangan suka sa rakumi na ukun yake yawan tsayawa dab da inda biyun suka jeru. Ba ki lura in biyu suka fito, layin ƙarshe yana rage gudu, kiɗan yana hawa ba?"

"Ai ina ci. Ɗazu ma na ci."

"Abin da ya dawo miki bai kai wanda kika zuba ba. Ya dai haska wuta, ya yi miki guɗa kamar kin ci."

Zakiya ta karɓi wayar ta kashe sautin, ta miƙa mata. Hajiya ta taɓa, ta sake taɓawa. Rakuman suka wuce shiru. Ta ɗago a fusace.

"Mayar mini da muryarsa."

"Wallahi yaudararki yake."

"Na ji. Tunda na kwanta, wa ya yi mini murna a gidan nan? Ke kina can kan kwamfutarki, yayanki Abdulghani sai ranar Juma'a. Kalmomin da yake faɗa mini ma, ba ke kika rubuta ba? Halas, magana ta ƙare, ba ni."

Zakiya ta goge wasan, washegari kuma ta ajiye aikin kamfanin. Kwana biyu Hajiya ba ta yi mata magana ba. Ranar Juma'a Abdulghani ya zo, ya tarar uwarsa ta juya fuska bango, ya sake sauke mata wasan, har da sayo mata kwabbai.

Hajiya ba ta ƙara komawa kasuwa ba. Da sanyi ya shigo, sai da aka sayo mata keken guragu.